Harajin da Aka Jinkirta a Kan Injin Casar Shinkafa: Nazarin Lamarin Wani Kamfani a Yankin Kura

Kamfanin da wannan nazari ya shafa na wasu 'yan'uwa uku ne, kuma masana'antarsa tana wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, a cikin yankin noman rani da ke shan ruwa daga madatsar Tiga. Sana'arsu ita ce sayen shanshera daga hannun manoma, su turara ta, su busar, su cashe, su zuba a buhu su kai kasuwannin Kano. An sakaya sunan kamfanin, an kuma daidaita adadin kuɗaɗen domin lissafi ya fito sarari, amma ƙa'idojin haraji da za a ambata su ne waɗanda suke aiki a shekarun da abin ya faru.

A watan Janairun 2021 kamfanin ya kafa sabon injin casa, wanda kuɗin sayensa da dakonsa da ɗaura shi suka kama naira miliyan 120. Injiniyan da ya ɗaura shi da manajan masana'anta sun yi ittifaƙi cewa zai yi shekara 10 yana aiki, kuma ba a sa ran samun wani abin kirki daga sayar da ƙarafansa bayan nan. Saboda haka akantan kamfanin ya raba kuɗin gida goma, yana cire naira miliyan 12 kowace shekara a matsayin ragin darajar injin. A ƙarshen Disambar 2021, bayan an cire wannan ragi da dukkan sauran kuɗaɗen gudanarwa, ribar kamfanin kafin haraji ta tsaya a kan naira miliyan 100.

Dokar harajin kamfanoni ba ta karɓar ragin darajar da akanta ya lissafa, domin ƙiyasi ne na masu kamfani, kuma da an bar shi a hannunsu, kowa zai zaɓi adadin shekarun da ya fi rage masa haraji. Abin da ake yi shi ne a mayar da ragin cikin riba, sannan a cire alawus ɗin jari, wato rangwamen haraji a kan kuɗin sayen kadara, bisa ma'aunin da doka ta yanka wa kowane nau'in kadara. A wancan lokaci, injinan masana'anta suna samun alawus na farko na kashi 50 cikin 100 a shekarar da aka fara amfani da su, sauran rabin kuma a raba shi shekara huɗu daidai wa daida, a bar naira 10 kacal a littafi har ranar da aka rabu da kadarar. Wato a kan wannan inji, alawus na farko miliyan 60 ne, na shekara-shekara kuma miliyan 15, don haka a shekarar farko kaɗai an cire miliyan 75. Bayan wannan akwai alawus ɗin zuba jari na kashi 10 cikin 100 na kuɗin injin, wato miliyan 12, wanda ake bayarwa a lokacin kafin Dokar Kuɗi ta 2023 ta soke shi.

Da akantan ya haɗa lissafin, ribar miliyan 100 da ragin miliyan 12 suka ba shi miliyan 112. Ya cire miliyan 75 da miliyan 12, ya rage miliyan 25. Yawancin kamfanoni ba a yarje musu su cire alawus da ya wuce kashi biyu cikin uku na wannan riba a shekara guda ba, amma masana'antu da kamfanonin sarrafa amfanin gona ba su cikin wannan ƙaidi, don haka ya cire duka. Tun da cinikin kamfanin ya zarce naira miliyan 100 a shekara, harajinsa kashi 30 cikin 100 ne, abin da za a biya hukumar tara haraji ta tarayya ta lokacin, FIRS, kenan ya kama naira miliyan 7.5. A lokacin akwai harajin ilimi da ake lissafawa daban, amma an ajiye shi gefe a nan domin kada ya cakuɗa zancen. Har zuwa wannan mataki babu kuskure ko ɗaya a aikin akantan.

Matsalar ta taso ne a daftarin asusun shekara da ya miƙa wa daraktoci. A can ya rubuta riba miliyan 100, haraji miliyan 7.5, ribar da ta rage miliyan 92.5, kuma a kan wannan adadi 'yan'uwan suka fara maganar rabon riba, har suka tsayar da miliyan 60. Mai binciken asusu na waje, da ya zo a watan Afrilun 2022, bai fara da takardun haraji ba. Ya nemi rajistar kadarori, aka kawo masa wani dogon littafi mai baƙin bango da ke ajiye a ofishin ma'auni, ƙurar buntu ta shiga tsakanin shafukansa. A shafin injin akwai ranar saye, da kuɗin saye, da ragin shekara, da darajar da ta rage, miliyan 108. Ya ɗauki fensir ya ja layi a gefen shafin ya buɗe sabon gurbi, ya rubuta miliyan 45, wato abin da ya rage na injin a idon hukumar haraji bayan an cire miliyan 75 daga 120. Tsakanin lambobin biyu akwai tazarar miliyan 63, kuma babu inda asusun ya ambace ta.

Ma'anar wannan tazara ita ce zuciyar lamarin gaba ɗaya. Idan asusu ya ce injin yana da darajar miliyan 108, yana nufin kamfanin na sa ran injin zai samar masa aƙalla wannan adadi ta hanyar casar shinkafa a shekarun da suka rage. Duk wannan kuɗi zai shigo ne a matsayin ciniki da ake ɗora wa haraji, alhali abin da doka za ta bari a cire nan gaba saboda injin bai wuce miliyan 45 ba. Saura miliyan 63 za a biya haraji a kansu babu wata kariya, domin an riga an cinye kariyarsu tun a shekarar farko. Kashi 30 cikin 100 na miliyan 63 shi ne miliyan 18.9, kuma wannan shi ne harajin da aka jinkirta. Ƙa'idar lissafin asusu ta ƙasa da ƙasa mai suna IAS 12, da takwararta ta ƙananan kamfanoni a sashe na 29 na IFRS for SMEs, sun wajabta a rubuta shi a matsayin nauyi a kan kamfani, a kuma cire shi daga ribar shekarar da ta haifar da shi. Da aka yi haka, jimillar harajin 2021 a asusu ta zama miliyan 26.4, ribar da ta rage kuma ta sauko daga miliyan 92.5 zuwa miliyan 73.6.

Babban wan, wanda shi ne shugaban daraktoci, bai karɓi wannan cikin sauƙi ba. Ya ce wa mai binciken: "Malam, ni dai abin da na sani, bashi yana da mai shi. Wannan miliyan goma sha takwas ɗin wa yake bin mu? Akwai takardar da hukuma ta aiko?" Mai binciken ya amsa: "Ranka ya daɗe, babu takarda, kuma yau babu mai bin ku ko kwabo a kansa. Kamar wanda ya ɗauki taki ne da alkawarin biya da kaka. Ranar da ya zuba shi a gona babu wanda zai tare shi, amma ba zai lissafa buhunan da zai girba duka a matsayin nasa ba." Tambayar babban wan ba ta rashin sani ba ce, domin gaskiya ne cewa wannan nauyi ba shi da ranar biya a rubuce, ba shi da kuɗin ruwa, kuma ba ya cikin abin da hukuma za ta iya nema a wannan shekara. Abin da ya rage shi ne a nuna masa ta wace ƙofa kuɗin zai fita, kuma hanyar da ta fi gamsarwa ita ce a shimfiɗa shekarun a gabansa. An yi masa jadawali kamar haka, duk a miliyoyin naira:

| Ƙarshen shekara | Daraja a asusu | Daraja a haraji | Bambanci | Harajin da aka jinkirta |
|---|---|---|---|---|
| 2021 | 108 | 45 | 63 | 18.9 |
| 2022 | 96 | 30 | 66 | 19.8 |
| 2023 | 84 | 15 | 69 | 20.7 |
| 2024 | 72 | 0 | 72 | 21.6 |
| 2025 | 60 | 0 | 60 | 18.0 |

A shekaru ukun da suka biyo bayan ta farko, alawus na miliyan 15 yana ɗara ragin miliyan 12 da miliyan 3 kawai, shi ya sa nauyin yake ƙaruwa da naira dubu 900 kowace shekara har ya kai ƙololuwarsa ta miliyan 21.6. Daga 2025 lamarin yake juyawa. Alawus ya ƙare, amma injin yana nan yana aiki, akanta yana ci gaba da cire miliyan 12, hukuma kuma tana ci gaba da mayar da su cikin riba ba tare da ta ba da komai a madadinsu ba. Idan a irin wannan shekara kamfanin ya sake cin ribar miliyan 100, za a ɗora masa haraji a kan miliyan 112, ya biya miliyan 33.6, wato fiye da ninki huɗu na abin da ya biya a shekarar farko a kan riba iri ɗaya. A nan ne ajiyar da aka yi take amfani a asusu, domin za a saki miliyan 3.6 daga cikinta kowace shekara, harajin da asusu ya nuna ya koma miliyan 30 cif. Shekara shida ana sakin miliyan 3.6, su ne miliyan 21.6, kuma ranar da injin ya cika shekara goma nauyin ya koma sifili. Abin da ya sa ake kiran bambancin na wucin gadi kenan: asusu da haraji duka miliyan 120 suke cirewa a ƙarshe, lokacin cirewar ne ya saɓa.

Ƙaramin cikin 'yan'uwan, wanda yake kula da saye da sayarwa, ya kawo hujjar da ta fi ƙarfi. Ya ce: "Yaya, mu da muke ƙara inji kusan kowace shekara biyu, kafin alawus ɗin wannan ya ƙare na wani ya shigo. Yaushe za a ce ranar biyan ta zo?" A aikace maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin kamfanin da ke ta faɗaɗa yana iya ganin jimillar harajinsa da aka jinkirta tana hawa shekara da shekaru ba ta sauka. Amma ƙa'idar ba ta yarda a rage nauyin saboda ana sa ran sayen wasu kadarori ba, kuma ba ta yarda a rage darajarsa saboda nisan lokacin biya ba. A ganina ƙa'idar tana kan daidai a nan, musamman ga masana'antar shinkafa, wadda ribarta take rataye a kan farashin shanshera da kuɗin man janareto da manufar gwamnati game da shigo da shinkafar waje. Shekarar da kasuwa ta tsuke, sayen sabon inji ne abu na farko da ake dakatarwa, kuma a daidai wannan shekara ne tsofaffin injinan za su bar kamfanin babu alawus.

Abin da ya kashe gardamar shi ne lissafin sayar da injin. Mai binciken ya ce a ɗauka a ƙarshen 2024 wani ya taya injin miliyan 80 aka sallama masa. A asusu ribar sayarwar miliyan 8 ce kacal, tun da darajarsa ta rage miliyan 72. A haraji kuwa darajarsa naira 10 ce, don haka kusan dukkan miliyan 80 ɗin za a dawo da su cikin riba a matsayin cajin daidaitawa, wanda doka ta taƙaita shi ga adadin alawus ɗin da aka riga aka karɓa. Harajinsu miliyan 24 ne. Miliyan 2.4 daga ciki na ribar sayarwa ne, sauran miliyan 21.6 kuma su ne ainihin adadin da ke cikin jadawalin, sun faɗo gaba ɗaya a shekara guda. Wanda bai taɓa rubuta nauyin ba zai ga ya ci ribar miliyan 8 an ce ya biya miliyan 24, ya ɗauka zalunci aka yi masa.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi rabon ribar kai tsaye. Sashe na 19 na dokar harajin kamfanoni ta lokacin ya tanadi cewa idan ribar da aka raba wa masu hannun jari ta zarce ribar da aka ɗora wa haraji, to adadin da aka raba ɗin ne za a ɗauka a matsayin ribar haraji. Dokar Kuɗi ta 2019 ta sassauta wannan, ta cire rabon da aka yi daga tsohuwar ribar da aka riga aka biya wa haraji, amma wannan kamfani ba shi da tsohuwar riba mai yawa a ajiye. Da sun raba miliyan 60 daga ribar 2021 alhali ribar harajinsu miliyan 25 ce, da harajin ya tashi daga miliyan 7.5 zuwa miliyan 18, sauƙin da alawus ya kawo ya zube tun ba a je ko'ina ba. Daraktocin suka rage rabon zuwa miliyan 25, sauran kuɗin suka bar shi a kamfani. Da yake wa'adin miƙa takardun haraji wata shida ne bayan rufe shekara, wato ƙarshen Yuni, wanda yake zuwa daidai da lokacin da shinkafar rani take fitowa ana rububin sayenta, kuɗin da aka jinkirta biyansa ya shiga sayen shanshera. Wannan shi ne amfanin jinkirin na haƙiƙa, kuma ba ƙaramin amfani ba ne ga mai sana'ar da jarinsa yake kwance a sito rabin shekara.

A daftarin shekara ta biyu akantan ya fahimci tushen abin, amma ya yi tuntuɓe a wurare biyu da suka cancanci a ambata, domin su ne inda aka fi faɗuwa. Na farko, ya lissafa miliyan 19.8 daidai, sai ya cire su duka daga ribar 2022, alhali miliyan 18.9 an riga an cire su a 2021. Adadin da ke jadawali jimilla ce da ke zaune a takardar kadarori da nauye-nauye. Abin da ke shiga lissafin riba shi ne motsin da aka samu tsakanin farkon shekara da ƙarshenta, wato dubu 900. Na biyu, ya so ya haɗa ma'aunin harajin ilimi a kan kashi 30 ɗin kafin ya ninka bambancin. A wancan lokaci harajin ilimi ana ɗora shi ne a kan riba kafin a cire alawus ɗin jari, saboda haka saurin alawus ko jinkirinsa ba ya motsa shi, kuma abin da aka saba yi shi ne a auna bambancin injina da ma'aunin harajin kamfani kaɗai.

Hanyar gane irin waɗannan kurakurai ita ce daidaita harajin asusu da ribar asusu, kuma aiki ne na 'yan mintuna. A ɗauki 2021: kashi 30 na miliyan 100 miliyan 30 ne, amma asusu ya nuna miliyan 26.4, saura miliyan 3.6 da dole a san inda suka fito. Sun fito ne daga alawus ɗin zuba jari na miliyan 12, wanda ya bambanta da sauran alawus ɗin ta fuska ɗaya mai muhimmanci: ƙari ne a kan kuɗin injin, ba ya rage darajar injin a haraji, kuma babu shekarar da zai juyo. Shi sauƙi ne na dindindin, shi ya sa bai shiga jadawalin ba, shi ya sa kuma ya halatta ya sauke ma'aunin harajin shekarar ƙasa da kashi 30. Idan aka cire irin waɗannan abubuwa na dindindin, da kuɗaɗen da doka ba ta yarda a cire ba kamar tara, harajin da ake biya da wanda aka jinkirta dole su haɗu su ba da kashi 30 na riba. Daftarin farko ya ba da kashi 7.5, na shekara ta biyu kuma ya haura kashi 45, kuma ko wanne daga cikinsu ya isa ya sa mai dubawa ya tsaya.

Da ribar 2021 ba ta kai ta haɗiye alawus ɗin duka ba, da lissafin ya ɗan sauya. Alawus ɗin da ba a yi amfani da shi ba ana tura shi gaba, kuma yana zama kadarar haraji da ake rage nauyin da ita, muddin akwai dalilin tsammanin ribar da za ta cinye shi. Ga wannan kamfani abin bai taso ba.

Abin da ya taso shi ne canjin doka. A watan Yunin 2025 aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Haraji ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta kuma sake fasalin alawus ɗin jari har ta cire alawus na farko. Ƙa'idar ta ce a auna harajin da aka jinkirta da ma'aunin da ake sa ran zai yi aiki lokacin da bambancin zai juyo, bisa dokar da aka riga aka zartar zuwa ranar rufe asusu, ba bisa jita-jita ko alkawarin da bai zama doka ba. Ga tsohon injin, wanda alawus ɗinsa ya riga ya ƙare, bambancin miliyan 60 na ƙarshen 2025 yana nan yadda yake, ma'aunin ne kawai abin dubawa: a kashi 30 nauyin miliyan 18 ne, idan kuma wata rana aka zartar da kashi 25 zai koma miliyan 15, a saki miliyan 3 cikin ribar shekarar da aka zartar. Ga injin tantance launi da kamfanin yake shirin saye kuwa, babu sauran cire rabin kuɗi a shekarar farko, don haka tazarar da zai buɗe tsakanin asusu da haraji za ta fi ta 2021 ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma daraktocin sun umarci akanta ya sake lissafin kuɗin sayen shanshera na wannan shekara ba tare da dogaro da irin wancan jinkiri ba.